Ba Ka Zo Ba, Ba Ka Kira Ba: Takardar Ban Haƙuri ga Wurin Aiki Bayan Lalura

Duk wanda ya taɓa riƙe ma'aikata, ko da yara biyu ne a shago, ya san cewa rashin zuwan mutum aiki yana da sauƙi a kan shirunsa. Idan ma'aikaci ya buga waya da asuba ya ce ba zai samu fitowa ba, maigida zai yi tsaki, sannan ya nemi wanda zai tsaya a madadinsa. Idan kuwa aka wayi gari babu shi babu labarinsa, wayarsa a kashe, to an bar maigida cikin duhu. Bai san ko ya jira ba, bai san ko ya nemi wani ba, bai ma san ko mutumin yana raye ba. Da farko tsoro ne zai kama shi, daga baya tsoron ya rikiɗe ya zama fushi, musamman idan ya ji cewa an ga mutumin a gari yana tafiya da ƙafarsa.

Saboda haka wanda lalura ta riƙe shi har ya yi fashin aiki ba tare da ya sanar ba, abu biyu ne a kansa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Rashin zuwa yana da uzuri, abin da yake bukata shi ne bayani da shaida. Rashin sanarwa kuwa, a mafi yawan lokuta, akwai laifi a cikinsa, kuma shi ne ke bukatar ban haƙuri. Takardun da na ga sun lalace yawanci a nan suke lalacewa: mai rubutu ya cika shafi da labarin tashin hankalin da ya shiga, yana ganin girman lalurar zai rufe komai, bai ce uffan ba a kan tambayar da ke cin maigidan, wato me ya hana ka kira.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wani magidanci ne mai kula da sito a kamfanin sarrafa shinkafa mai zaman kansa a Kano, shekararsa uku a wurin, kuma makullin siton a hannunsa yake kwana. Ƙa'ida ya buɗe da ƙarfe 7:30 na safe. Daren Lahadi naƙuda ta kama mai ɗakinsa, aka kai ta ƙaramin asibitin unguwa, jini ya ɓalle, wajen ƙarfe 2 na dare aka tura su babban asibiti. Da asuba aka shiga da ita tiyata, aka ce ya nemo jini leda biyu. Yana ta kiran 'yan'uwa da abokai har cajin wayarsa ya ƙare. Sai wajen azahar ɗin Litinin likita ya ce masa an shawo kan abin. Ya sami wuri ya zauna, barci ya ɗauke shi. Da ya farka da la'asar ya tuna da sito, gabansa ya faɗi, ya ce bari ya bari sai gobe ya je da kansa. Ranar Talata jikinta ya ɗan motsa, bai iya barin asibitin ba, kuma yanzu kunyar shirun jiya ta hana shi ɗaga waya. Sai ranar Laraba ya dawo.

A can kamfani kuwa, ranar Litinin motoci biyu sun zo lodi sun tsaya har rana ta take, 'yan dako sun zauna babu aiki, daga ƙarshe manaja ya sa aka fasa kwaɗon. Ranar Talata aka janye wani daga ofishin akanta ya tsaya a sito, nasa aikin ya kwanta.

Kafin wannan mutumin ya ɗauki biro, ya kamata ya zauna ya lissafa wa kansa awannin nan da gaskiya. Daga daren Lahadi zuwa azahar ɗin Litinin babu mai hankalin da zai zarge shi, domin wanda ke neman jinin da za a ƙara wa matarsa ba ya tuna kwaɗon sito. Amma daga la'asar ɗin Litinin zuwa safiyar Laraba akwai waya a hannun kowane mai jinya da ke zaune kusa da shi, akwai masu cajin waya a bakin ƙofar asibiti, akwai ƙaninsa da ya kawo abinci wanda zai iya kai makulli. Wannan tsakanin shi ne laifinsa, kuma shi manaja ya riga ya lissafa shi tun kafin a kawo masa takarda. Idan takardar ta yi kamar ba ta san da shi ba, manaja zai ɗauka ana raina masa hankali. Idan ta ambace shi da kanta, ta rage masa abin faɗa.

Takarda ba ita ce matakin farko ba. Da zarar mutum ya dawo hayyacinsa, ko ƙarfe nawa ne, ya tura gajeren saƙo ta waya, ko da wayar aro ce, ya kuma faɗi sunansa tunda lambar baƙuwa ce. Layi uku sun isa: "Salamu alaikum Yallabai. Mai kula da sito ne, da wayar wani nake magana. An yi wa iyalina tiyatar gaggawa, muna asibiti tun daren jiya, a yi haƙuri ban sanar da wuri ba. Ƙanina zai kawo makulli yanzu, ina sa ran fitowa ranar Laraba in Allah ya so." Saƙon yana tsayar da lissafin awannin shiru, kuma yana ɗauke da lokacin da aka tura shi, wanda zai yi amfani daga baya. Wanda ya ga ya riga ya makara kada ya ce tunda an yi kwana ɗaya bari a cika biyu. Kowace awa da ta ƙaru sai ya ba da bayaninta.

Ranar dawowa, a al'adarmu, baki ne ke fara zuwa. Mutum ya sami ubangidansa ya gaishe shi, ya ba da haƙuri ido da ido, wani lokaci ma ya tafi da wani dattijo da ake jin nauyinsa. Wannan abu ne mai kyau, kuma takarda ba ta maye gurbinsa. Wanda ya ajiye takarda a tebur ya wuce ba tare da ya tsaya ya yi magana ba, za a ce masa mai girman kai. Sai dai maganar baki ba ta shiga fayil. Rajistar zuwa aiki ta riga ta nuna kwana biyu babu sa hannu, kuma wannan shaidar za ta zauna. Manajan da ya ce "ba komai, Allah ya ba ta lafiya" ana iya canza masa wurin aiki bayan wata shida, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ya ga fashi babu bayani. Ranar da za a rage ma'aikata, ko a yi ƙarin girma, abin da ke rubuce shi za a duba. Don haka ina ganin ko an yafe da baki, a rubuta, kuma a miƙa a ranar dawowa ko washegari, kafin a aiko da takardar tuhuma. Wanda ya riga tuhuma rubutu yana ba da haƙuri ne don kansa. Wanda ya jira ta zo, amsa tambaya yake yi.

Ga yadda takardar mai kula da siton za ta iya kasancewa, bayan kwanan wata, da sunansa da muƙaminsa, da muƙamin wanda ake rubuta wa:

"Yallabai,

Ban haƙuri kan rashin zuwa aiki da rashin sanarwa, Litinin 4 da Talata 5 ga wata

Ina rubuto wannan takarda ne don in ba da haƙuri kan rashin zuwana aiki a ranakun Litinin 4 da Talata 5 ga wannan wata, da kuma rashin sanar da ofis a kan lokaci.

A daren Lahadi 3 ga wata aka kwantar da iyalina a asibiti, aka yi mata tiyatar gaggawa da asubahin Litinin. Daga daren har zuwa azahar ina wajen neman jini da magunguna, kuma cajin wayata ya ƙare. Na haɗo da kwafin takardar asibiti da rasit na jinin.

Daga yammacin Litinin ina da damar in ari waya in kira, ko in aiko da makulli, amma ban yi ba. Wannan kuskurena ne, ba ni da uzuri a kansa. Na san ya jawo motoci biyu sun tsaya jiran lodi, an fasa kwaɗon sito, an kuma ɗauke wani daga aikinsa ya tsaya a nawa. Ina ba da haƙuri.

Na dawo aiki yau Laraba 6 ga wata. Zan daidaita littafin sito na kwanaki biyun kafin tashi ranar Alhamis, kuma a shirye nake in biya kuɗin kwaɗon. Na ba ƙanina da maƙwabcina lambar ofis da taka don su kira idan irin haka ta sake faruwa, ina kuma ba da shawarar a ajiye makulli na biyu a ofishinka.

Ina roƙon a cire kwanakin biyu daga hutuna na shekara, idan hakan zai yiwu.

Na gode."

Sai sa hannu. Takardar ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma da gangan ne. A ma'aikatun gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni a Nijeriya da Turanci ake irin wannan rubutu, a Nijar da Faransanci, kuma dole a bi harshen wurin aiki. Amma tsarin ba ya canzawa, kuma ya fi kyau mutum ya fara tsara maganarsa da Hausa sannan a juya masa, da ya je shagon buga takardu a ciro masa wata tsohuwar wasiƙa a canza suna. Irin waɗannan wasiƙu manajoji sun ga ɗaruruwansu, suna gane su daga layin farko, kuma babu ranar ko awar kowa a cikinsu.

Sakin layi na biyu shi ne inda hannu ke son ya zarce. Mutumin da ya ga matarsa tsakanin rai da mutuwa yana son ya faɗi komai: yadda aka rasa mota cikin dare, yadda ma'aikaciyar jinya ta yi masa tsawa, yawan kuɗin da ya kashe. Duk gaskiya ne, kuma zai iya ba manaja labarin da baki idan an tambaye shi. A takarda kuwa jimla uku sun wadatar: me ya faru, yaushe, ga shaida. Dogon labari yana sa mai karatu ya ji ana neman a tausasa masa zuciya don a kauce wa tambaya, sannan kowane ƙarin bayani wata ƙofa ce ta saɓani. Idan takarda ta ce ƙarfe 2 aka isa asibiti, katin ya nuna ƙarfe 5, to an shiga bayanin da ba a bukata. Abin da mutum bai tabbatar da lokacinsa ba ya ce "cikin dare" ko "da asuba".

Sakin layi na uku shi ne zuciyar takardar, kuma shi ne ya fi wuyar rubutawa. Mutane suna kauce masa ta hanyoyi da aka saba. Wani ya ce "idan har na yi laifi a yafe mini", alhali shi da mai karatu duk sun san an yi, kalmar "idan" ta mayar da ban haƙurin tamkar ja-in-ja. Wani ya ɗora wa rashin sabis ko mutuwar waya kwana biyu cur, a garin da kowane lungu akwai mai caji. Wani kuma ya ce ya yi ta kira ba a ɗauka ba, ya manta cewa wayar manaja tana ajiye jerin kiran da ya shigo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan ƙaryar ta fi laifin farko muni, domin fashin kwana biyu ana iya gama shi da gargaɗi, amma mai riƙe da makullin sito da aka kama da ƙarya a rubuce ya zubar da amanar da aikin nasa ya dogara a kai. Haka batun takardar asibiti ta bogi da wasu ke saya: laifi ne da doka ke hukuntawa, kuma tabbatar da ita bai wuce a aika mutum ɗaya asibitin ya duba rajista ba.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda masu tsananin ladabi ke faɗawa. Don nuna nadama sai mutum ya rubuta cewa ya yi sakaci da aikinsa, ya ci amanar kamfani, ya cancanci duk hukuncin da aka ga dama. Wannan ba tawali'u ba ne a idon fayil, iƙirari ne da sa hannu. Ranar da dangantaka ta yi tsami, wannan jimlar za a ciro a karanta. A amsa abin da aka yi daidai girmansa: ban kira ba daga yammacin Litinin, ban aiko da makulli ba. Kada a ƙara masa suna mai nauyi, kuma kada a rubuta wani abu mai kama da "idan kun ga dama ku sallame ni", domin ana iya ɗaukarsa a matsayin ajiye aiki. Haka nan wannan ba wurin tuna wa kamfani bashin albashi ko awannin da aka yi fiye da ƙa'ida ba ne. Ko da ƙorafin gaskiya ne, yana da tasa takardar da tasa ranar.

Ambaton ɓarnar da aka jawo, wato motocin da kwaɗon da wanda aka ɗauke daga aikinsa, yana nuna wa manaja cewa mutumin ya tambaya, ya san abin da ya faru a bayansa. Shi ya sa yana da kyau kafin rubutu a sami abokin aiki a ji yadda ranakun suka kasance. Alkawarin gyara kuma ya zama abin da ake iya gani. "Ba zan sake ba har abada" alkawari ne da ba mai iya cikawa, tunda lalura ba ta sallama. Abin da ke hannun mutum shi ne kada shirun ya sake faruwa, kuma hanyarsa a bayyane take: lambar ofis a hannun mutum biyu na gida, a kuma rubuta ta a takarda a saka cikin aljihu, domin yawancinmu ba mu haddace lambar kowa ba, idan waya ta mutu lambobin sun tafi da ita.

Roƙon da ke ƙarshen takardar yana da dalili a doka. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara, idan likita mai rajista ya ba da shaida. Amma wannan na rashin lafiyar ma'aikacin ne shi kansa. Jinyar mata ko ɗa ko mahaifi ba ta shiga ciki, kuma dokar ba ta ware wani hutu na jinya ko na rasuwa ba; wannan sai abin da takardar ɗaukar aiki ko ƙa'idojin kamfani suka tanada. Sashe na 18 kuma ya ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da albashi. Saboda haka mai kula da siton ba shi da hurumin cewa dole a biya shi kwanakin biyu a matsayin hutun rashin lafiya. Abin da zai iya shi ne ya roƙa a cire su daga hutunsa na shekara, wanda ya fi masa a rubuta su a matsayin fashi. A lura kuma cewa wannan doka ta fi shafar leburori da ma'aikatan ofis na ƙasa. Manajoji da ƙwararru irin su likitoci da injiniyoyi yarjejeniyar aikinsu ce ke magana. Kowa dai ya buɗe takardar ɗaukarsa aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikata kafin ya rubuta, domin wurare da yawa sun faɗi adadin kwanakin da idan mutum ya yi babu labari za a ɗauka ya gudu ya bar aiki.

Ga ma'aikacin gwamnatin tarayya abin ya fi tsauri a rubuce, ko da yake a aikace ana yawan kau da kai. Dokokin Aikin Gwamnati sun sa barin aiki ba da izini ba cikin manyan laifuka, waɗanda hukuncinsu kan kai ga kora, kuma sun ɗora wa ma'aikacin nauyin nuna cewa halin da ya shiga bai kai a yi masa cikakken hukunci ba. Ma'ana ba ofis ne zai je ya binciko uzurinka ba, kai ne za ka kawo shi da shaida. A nan takarda tana bi ta hannun shugaban sashe kafin ta isa sama, kuma tsallake shi wani sabon laifi ne a idonsa. Tun da misalinmu na haihuwa ne, yana da kyau a san cewa a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan an yi musu haihuwa. Sai dai hutu ne da ake nema a ba da, ba ya wanke wanda ya ɓace babu sanarwa, kuma bai hau kan kamfanoni masu zaman kansu ba.

Idan takardar tuhuma ta riga ta iso, abin da za a rubuta bai canza sosai ba, amma akwai ƙarin abu biyu. A ambaci lambar takardar da kwanan watanta a layin farko, sannan a amsa cikin wa'adin da ta bayar, wanda sau da yawa awa 24 ne ko 48 ko 72. Idan takardar asibiti ba ta fito ba, kada a jira ta har wa'adi ya wuce. A miƙa amsa a ce shaidar tana tafe ranar kaza. A amsa abin da aka tambaya kawai. Idan tuhumar ta ce kwana uku alhali biyu ne, a gyara cikin ladabi, a nuna rajista.

Ba kowane shiru ne laifi ba, kuma bai kamata mutum ya amsa abin da bai yi ba don kawai a ga ladabinsa. Wanda ya yi hatsari aka kwantar da shi bai san inda kansa yake ba, ko wanda aka tsare aka karɓe wayarsa, ba shi da abin da zai ce "kuskurena ne" a kai. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda lalura ta same shi a can a lokacin ba shi da hanyar kira sai ya yi tafiya. Haka mutanen Maiduguri da ruwan madatsar Alau ya kora daga gidajensu a watan Satumba na 2024, da yawa sun fita da kayan jikinsu kawai. Mai irin wannan uzuri ya bayyana abin da ya hana shi, ya faɗi lokacin farko da ya sami damar sanarwa da abin da ya yi a lokacin, ya nuna rashin jin daɗinsa kan cikas da aka samu. Tambayar da zai yi wa kansa ita ce dai wadda mai kula da sito ya yi: yaushe na fara samun dama, kuma me na yi da ita.

Wata lalurar kuma ba ta faɗuwa. Mace ta yi ɓari, ko rikicin aure ya kai ga ta bar gida cikin dare, ko wani a gida ya sami taɓin hankali. Ba dole ne a zuba sirrin gida cikin takardar da masinja da sakatare da magatakarda za su karanta kafin ta isa inda za ta ba. Ya isa a ce "lalurar rashin lafiya ta gaggawa" ko "lalurar iyali ta gaggawa", a ƙara da cewa a shirye ake a yi wa shugaba bayani shi kaɗai. Likita ma yana iya rubuta cewa ya duba mutum ranar kaza kuma yana bukatar hutun kwana kaza ba tare da ya ambaci ciwon ba, kuma ana iya roƙonsa hakan. Abin da ba ya halatta shi ne a ƙirƙiro wata lalurar a maye gurbin ta gaskiya da ita.

Sai miƙawa. A yi kwafi biyu, a ba da ɗaya, a roƙi wanda ya karɓa ya buga hatimi ko ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan, a tafi da shi gida. Takardun asibiti a ba da kwafinsu, a riƙe na asali. Inda ake aiki da imel, a tura ta nan ma. A shago ko gareji ko gidan burodi, inda babu fayil babu hatimi, saƙon WhatsApp da aka rubuta a natse yana yin aikin takarda, kuma ya fi saƙon murya, domin ana iya sake karanta shi a nuna wa wani. A dai guji turawa cikin zauren ma'aikata, a tura wa maigida shi kaɗai. Kafin a miƙa, a ba wani da bai san labarin ba ya karanta, a tambaye shi: wace rana ce ban zo ba, me ya hana ni, me na amsa, me na roƙa. Idan ya amsa huɗun ba tare da ya sake dubawa ba, takardar ta yi.

Bayan nan hukunci na mai hukunci ne. Ana iya yafewa, ana iya yanke albashin kwanakin, ana iya ba da takardar gargaɗi, kuma wanda aka ba gargaɗi kan shirun kwana ɗaya da rabi ba a zalunce shi ba, ya karɓa ya sa hannu. Idan kuwa abin ya kai ga sallama, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanadi wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Mai kula da sitonmu, da shekararsa uku, mako biyu ne nasa ko kuɗinsu, sai idan yarjejeniyarsa ta ba shi fiye da haka. Sashen ya bar wa mai kamfani damar kora nan take idan laifin ya kai, kuma a kan ko ya kai ko bai kai ba ake yin jayayya. Wanda ya ga an zalunce shi yana iya kai kuka ga ƙungiyarsa ta ƙwadago, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un aiki, kuma tana zama a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Jos. A Nijar, inda dokar aiki ta 2012 ke aiki, ofishin sufeton aiki ake fara zuwa don sulhu. A duk waɗannan wurare za a nemi ganin saƙon farko da lokacinsa, da kwafin takardar mai hatimi, da shaidar asibiti, don haka a haɗa su wuri ɗaya tare da takardar ɗaukar aiki a adana.